Ɗayan da Ta Faɗi Daga Sha Uku

A ƙarshen barandar sashen lissafi na kwalejin horar da malamai, bayan ka wuce allon sanarwa da famfon da bai taɓa daina ɗiga ba, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Yanzu tsofaffin kujeru ake jibgewa a cikinsa. Amma a da, in ka bi ta wurin da hantsi, tun daga nesa za ka jiyo ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ƙararrawa ta ce ƙil, sai a ja, a sake. Goggo Tafireta ce a bakin aiki.

Ba a haife ta goggo ba, ta zo wurin tana 'yar shekara ashirin da biyu, da takardar shaidar koyon buga tafireta a cikin jakar leda. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan tun ba ta kai ba, ta yi ta faɗa, har shekaru suka zo suka mayar da shi gaskiya.

Aikin ba irin na sauran ofisoshi ba ne. Sai ta cire ribin tawada daga tafireta, ta ɗaura sitensil, wata takarda mai kaki wadda haruffa ke hudawa, ta buga da ƙarfi daidai, kada ya yi yawa cikin harafin o ya zube. In za ta sa ɗan biyun nan da ke zama a kafaɗar x, sai ta murɗa takardar rabin layi, ta buga, ta mayar. Alamomin da tafireta ba ta da su kuwa, sai ta bar musu fili, in ta gama ta zana su da alƙalamin ƙarfe. A cikinsu ta fi son doguwar alamar intigiral, wadda ita take kira ƙugiya. Malaman sashen duk sun yarda ba mai zana ƙugiya kamarta: doguwa, siririya, ba ta karkace ba ta gurgunce.

A watanta na farko ta ga wani malami ya rubuta dx, ta ɗauka hannunsa ne ya zame, ta raba haruffan, ta ba kowanne wurinsa. Shugaban sashe na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya kira ta, ya cire tabarau ya ce, "'Yata, a nan ba a yi mana gyara. Abin da kika gani shi za ki buga. Ko ƙuda kika tarar ya mutu a kan takarda, ki buga shi, ki sa masa ƙafafunsa."

Ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Da ta shekara uku ba a sake kama ta da ƙari ko ragi ba, sai aka ba ta makullin ɗakin jarrabawa, inda ake buga tambayoyi, a gurza kwafinsu a inji, a kuma rufe su. Dalilin ba ta shi ma a gabanta aka faɗa, ana dariya: tana da amana, sannan ba ta fahimtar ko ɗigo na abin da take bugawa, to me za ta fitar? Haka sashen ya saba tun fil azal. Wanda ya san lissafi ba ya kwana da makullin nan.

Ta ɗaure shi a bakin mayafinta. In ɗalibai sun tare ta a hanya suna, "Goggo, don Allah ɗan haske kaɗan," sai ta ce, "Ni me na sani? Ƙugiyoyi da tsutsotsi kawai nake gani." Kowa ya yarda. Ita ma a shekarun farko gaskiya take faɗa.

To amma bangon da ya raba ɗakinta da ajin farko katako ne, kuma a ajin nan Mai Alli yake koyarwa. Ana ce masa haka don kullum rigarsa, gemunsa, har bayan kunnensa fari fat suke da alli. Murya gare shi kamar mai kiran wani daga tsallaken kogi. Kowace shekara, in zango na biyu ya raba, sai ta ji ya ɗauko darasin nan nasa.

"In kun ga ɗaya a sama, a ƙasa kuma x² + 4x + 13, kada kowa ya taɓa intigiral tukuna! Ku fara cika murabba'i. Rabin huɗu nawa?"

"Biyu!"

"Biyu sau biyu?"

"Huɗu!"

"Ku cire huɗu daga sha uku."

"Tara!"

"To ga shi nan, (x + 2)² + 9. Taran nan uku sau uku ce. Yanzu ku buɗe ƙofa, baƙo ya iso."

Baƙon shi ne arctan, wata kalmar lissafi da ke fitowa a amsar. In ƙasan layi ya koma murabba'i a haɗe da wani murabba'in, in ji Mai Alli, amsa ba ta da wahala: ɗaya bisa uku, sau arctan na (x + 2) bisa uku, a ƙara C. Kuma kowace shekara ita ce ke sake buga takardun darasin, don sitensil ba ya jure gurza biyu. Kunne na ji, yatsu na bugawa, shekara ashirin da tara. Ko dutse ne ai ya jiƙa.

Mutum ɗaya ne ya san sirrin, maigidanta, wanda tela ne. Wata ranar hutu yana yanka a tsakar gida, ta ɗauki ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, ta ajiye. Ta samo dogayen ƙyallaye biyu masu faɗi iri ɗaya, ta jera guda a gefen dama, guda a ƙasa.

"Baban yara, dubi nan. Me ya rage wannan ya zama murabba'i?"

Ko almakashi bai ajiye ba ya ce, "Kusurwa mana. Ɗan ƙyalle mai faɗin waɗannan biyun ta kowane gefe."

"To shi ke nan abin da Malam yake ta ihu a kai. Babban shi ne x sau x. A raba 4x biyu, kowane gefe ya sami ƙyalle mai faɗin biyu. Kusurwar biyu sau biyu ce, a ciro ta daga sha uku."

"Au, dama ɗinki kuke yi a can? Ki ce masa in ya yi ritaya ina neman mai yi min kalmasa."

Daga ranar yake kiranta uwar lissafi, amma a cikin gida kawai. Ta gargaɗe shi: in maganar ta fita, makulli ya tafi.

A shekarar da Mai Alli zai yi ritaya ne abin ya faru. Lokacin an yi sabon shugaban sashe, matashi mai digirin dakta, wanda ya taɓa zama ɗalibi a ajin nan na bayan katako. Mutumin kirki ne, sai dai ƙa'ida a wurinsa kamar numfashi take. Ana gobe jarrabawar ɗalibai ɗari biyu da goma, da safe, aka kawo mata takardar tambayoyin Mai Alli, ta ƙarshe a rayuwar aikinsa, rubuce da hannunsa, da sa hannun Shugaba a ƙasa alamar ya duba.

Ta kulle ƙofa ta ciki, ta ɗaura sitensil. Tambaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sai ta huɗu: a nuna cewa intigiral daga −2 zuwa 1 na dx bisa x² + 4x + 3 daidai yake da π bisa 12.

Yatsunta suka buga x, suka murɗa, suka buga biyu, suka buga 4x, sai suka tsaya cak da kansu.

Rabin huɗu biyu. Biyu sau biyu huɗu. A cire huɗu daga uku.

Ba a sami tara ba. Ba a sami komai ba ma, an zarce ƙasa da sifili da ɗaya: (x + 2)² − 1. Kuma ta sha jin Mai Alli yana dukan allo yana cewa in ragi ya fito a wurin nan, baƙo ba zai zo ba, wata hanya ce daban. Ga shi kuwa amsar tana ɗauke da π, ita kuma ta san a irin wannan tambaya arctan ne ke haifar π. Ta dubi iyakokin ƙugiyar. Ta san halinsa, yana son farawa daga inda (x + 2) ke zama sifili, shi ya sa ya sa −2. A sama kuma ɗaya da biyu uku ne, uku bisa uku ɗaya. Komai na tambayar nan yana kiran sha uku. Wajen kwafewa daga takardar gwaji zuwa mai tsabta ne ɗayan ta faɗi, don a bana ta lura sai ya kai takarda dab da hanci yake karantawa.

Ta ajiye hannuwa a cinya. Ta yi tunanin ta buga sha uku ta yi shiru. Amma al'adar ita ce malamin da ya rubuta tambayoyin ya zo da rula ya bi sitensil layi-layi yana gwadawa da rubutun hannunsa, Shugaba na zaune. Zai ga bambanci, ya ce ta goge, kuma a ce Goggo ta fara ƙari a takardar jarrabawa. In kuma ta buga uku ta ja bakinta, ba mai ganin laifinta har abada, ƙuda ta gani ta buga. Sai dai gobe yara ɗari biyu da goma za su yi ta gumi a kan abin da ba ya fita, sannan a shigo tsakiyar jarrabawa a ce a dakata, akwai gyara. Mai Alli kuwa abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, yakan faɗa a ɗakin shayi: shekara talatin da biyar, ba a taɓa tsayar da jarrabawarsa don gyara ba.

Ta shafa makullin a bakin mayafi. Sannan ta buga uku, kamar yadda aka rubuta, ta zana ƙugiyoyi, ta jira.

Da rana suka shigo. Shugaba ya zauna kusa da injin gurzawa da ambulan-ambulan a hannu. Mai Alli ya ɗora rula, ya bi layi-layi, hancinsa kusan yana shafar kakin.

"Madalla. Ko ɗigo. Malama, zan yi kewar ƙugiyoyin nan naki." Shi kaɗai ne bai taɓa ce mata Goggo ba.

Tambaya ɗaya tak aka yarda mai bugawa ta yi: in rubutu bai fito ba. Ta kama wannan igiyar.

"Malam, a ta huɗu, lambar ƙarshen nan ban gan ta sosai ba. Uku ce?"

Ya leƙa. "Uku ce, ga ta ɓaro-ɓaro. Ke ma idon ya fara ne?"

"Ba wani abu a gabanta?"

"Babu. A gurza, Dakta na da taro."

Shugaba ya miƙo hannu zai karɓi sitensil. Ba ta sake shi ba. Ta ji muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, da irin waƙar da aji ke amsawa.

"Rabin huɗu biyu ne, Malam."

Ya ɗago.

"Biyu sau biyu huɗu. In an cire huɗu daga uku..."

Ba ta ƙarasa ba. Mai Alli ya janyo takardar, leɓunansa na motsi. Ya laluba aljihu ya fito da guntun alli, ya rasa allo, ya juya ya rubuta a jikin ƙofa: (x + 2)² − 1. A ƙarƙashi ya sa (x + 1)(x + 3). Ya tsaya yana kallo.

"Inna lillahi. Dakta, zo ka gani. Ba ma arctan ne kawai ba zai fito ba. Ƙasan yana zama sifili a −1, kuma −1 tana tsakanin −2 da 1. Rami ne a tsakiyar hanya. Tambayar ba ta da amsa sam."

Shugaba ya taso, ya duba, ya dubi sa hannunsa a ƙasan takardar, ya share goshi. "Ni ma na karanta ta, Malam. Sha uku idona ya gani, don sha uku ka koya mana."

Mai Alli ya zauna a kan kwalin takardu, ya ɗauki biro ya saka ɗayan a gaban ukun, ya sa hannu a gefe. Sai ya juyo gare ta.

"Malama, tun yaushe?"

"Bangon ne ba shi da kauri, Malam."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi autata."

"Autar da aka yi wa aure bara?" Ya kama gemu, alli ya tashi. Sai ya fashe da dariya har da tari. "Ni ina can ina fasa maƙogwaro a kan masu barci, ashe ɗalibar tana bayan katako!"

Shugaba bai yi dariya ba. Ya jira ta shafa jan ruwan gyara mai warin jan farce a kan ukun, ya bushe, ta mayar da sitensil ta buga 13 a matse. Aka gurza, aka ƙirga, aka rufe ambulan. Sannan ya tsaya a gabanta, yana kallon ƙasa kamar yaron da aka aiko da saƙo mara daɗi.

"Goggo, kin fid da mu kunya, ni da Malam. Wallahi ba zan manta ba. Amma kin san yadda abin yake. Ba zargi ba ne, ko kusa. Sai dai in an tambaye ni gobe ko mai riƙe da makulli ta san abin da take bugawa, ba zan iya cewa a'a ba."

"Haba Dakta!" in ji Mai Alli. "Shekara nawa tana sane, ka taɓa jin ko rabin tambaya ta fita?"

"Ban taɓa ba, Malam. Amma da ba mu sani ba, yanzu mun sani."

Ba ta bari sun ja maganar ba. Ta kwance bakin mayafin. Ƙullin ya daɗe, sai da ta sa haƙori. Ta ajiye makullin a tafin hannunsa ta ce, "Yallaɓai, sai an ɗan ɗaga ƙofar sama kafin ya juya. Ka faɗa wa wanda za a ba."

A gida maigidan ya ga bakin mayafin a sake, duk ya yamutse inda ƙullin yake. Ya karɓa ya sa masa dutsen guga. Bai miƙe ba, har yau da ɗan tabon.

Washegari aka yi jarrabawa, awa uku, ba wanda ya shiga ya ce a dakata. Da aka tashi, tana zaune tana buga wasiƙar neman fenti, sai ga Mai Alli da ragowar takardar tambaya guda da farar takarda. Ya ture wasiƙar gefe, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tafireta.

"Tambaya ta huɗu. Minti ashirin. Ba leƙe."

"Malam, ni da ko aji ban taɓa shiga ba?"

"Saura sha tara."

Ta ɗauki fensir. Ta zana ƙugiya, ta cika murabba'i, (x + 2)² + 9. Ta rubuta ɗaya bisa uku sau arctan na (x + 2) bisa uku. A sama, da ta sa ɗaya, ya zama arctan na ɗaya, wato π bisa huɗu. A ƙasa, da ta sa −2, sifili. Ɗaya bisa uku sau π bisa huɗu, π bisa 12. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi, yadda yake yi.

Ya kai takardar dab da hanci, ya daɗe. Ya zaro jan biro ya rubuta tara bisa goma.

"Ina ɗayan, Malam?"

"Kin yi tsalle. Ba ki nuna cewa tara uku sau uku ce ba, kawai na ga uku ta faɗo daga sama."

"To wa bai san wannan ba?"

"Haka duk masu tsalle suke cewa. Ke kin nemo min ɗayata, ni na riƙe taki, mun yi daidai."

Ta ƙara shekara huɗu a sashen tana buga wasiƙu da takardun darasi. A lokacin jarrabawa takan ji wata tafiretar na ƙwas-ƙwas a ɗakin da aka kulle, sai ta tashi ta je ta wanke kofin shayinta ko da a wanke yake. Daga baya aka kawo kwamfuta, wadda ke da ƙugiyarta a ciki, aka kai injin gurzawa sito. Mai Alli ya rasu shekara shida da sallamarsa. Tela ma ya bi shi.

Yanzu tana gidan autarta, a ɗaki mai kallon titi, yatsun sun kumbura ba sa lanƙwasuwa sosai. A ƙarƙashin gado akwai gwangwanin biskit, a ciki akwai almakashin maigida, da alƙalamin ƙarfe, da takardar nan an ninke ta huɗu, jan biron ya koma ruwan ƙasa. In tsofaffin ɗalibai sun zo gaishe ta, wasu da furfura, wasu sun zama shugabannin makarantu, ba ta yi musu zancen makulli. Gwangwanin take sa a janyo, ta warware takardar a hankali, ta miƙa.

"Kai da kake malamin lissafi yanzu, duba min nan tsakani da Allah. Wannan aikin tara ne ko goma?"

In ya ce goma, sai ta ce yana yi mata kara ne. In ya ce tara, sai ta karɓe takardarta ta ce ai dama duk bakinsu ɗaya da Malam.